Me ya sa silifan kamfani ya fi namu araha?

"Oga, don Allah akwai abin da ke damuna. Jiya wani kwastoma ya ɗaga takalmin da muka haɗa ya ce a kasuwa zai samu irinsa na kamfani a ƙasa da rabin kuɗin. Na zauna na lissafa, ko kuɗin kayan haɗinmu kaɗai ya fi kuɗin da suke sayar da nasu. Su kyauta ake ba su kaya ne, ko mu ne ba mu iya ciniki ba?"

Ba kyauta ake ba su ba ɗana, kuma ba wai mu ne ba mu iya ba. Ɗauko biro da takarda ka zauna, lissafi ne kawai, in ka gane shi yau ka huta da ɓacin rai har ranar da za ka buɗe naka shagon in Allah ya yarda.

Kuɗin da ke fita a shago iri biyu ne. Akwai wanda yake bin takalmi, wato fata, sol, gam, zare, bokul, in ka yi ƙafa ɗaya ka kashe na ƙafa ɗaya, in ka yi goma ka kashe na goma. Sai kuma wanda babu ruwansa da ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, haya, man janareta, abincin yara, gyaran keken ɗinki da injin faili mai goge sol, kuɗin mai gadi. Wannan na biyun shi ne yake cin ƙananan masu sana'a ba su sani ba, don ba ya zuwa da rasit a jikin takalmi, a gefe yake zuwa a hankali. Kamar ka ɗauki shatar mota ne daga Kano zuwa Zariya, kuɗin shatar ɗaya ne ko kai kaɗai ne a ciki ko kun cika ta, bambancin dai mutum nawa za su raba.

To mu ƙaddara, misali nake ba ka don lissafin ya fito fili. A ce haya dubu 30 a wata, mai dubu 60, abinci da gyare-gyare dubu 30, ka ga dubu 120 ke nan sun tafi tun ba ka yanka fata ko ɗaya ba. In a watan mun fitar da ƙafa 240, kowane takalmi ya ɗauki naira 500 a kansa. In kasuwa ta yi sanyi, irin bayan Sallah ɗin nan da kowa aljihunsa ya huce, muka yi ƙafa 120 kawai, kowanne ya ɗauki 1,000, alhali takalmin bai ƙara kyau ba, fatar ma ita ce dai. Yanzu ka ɗauki kamfanin silifan roba irin na Sharada ko Challawa, a ce shi nasa kuɗin zaman, albashi da dizal da wuta da komai, miliyan 30 ne a wata, kai in ka ji sai gabanka ya faɗi, amma in yana fitar da ƙafa dubu 300 a watan, raba ka gani, naira 100 ce a kan kowace ƙafa. Ya kashe ninkin namu sau 250 amma kowane takalminsa ya fi namu sauƙin kaya sau biyar. Gindin maganar ke nan.

Abu na biyu inji. Mu in za mu yi sol sai mu zana, mu yanka, mu kai faili, mu shafa gam gefe biyu, mu jira ya sha iska, mu manna, mu buga da guduma, ka san tsawon lokacin da yake ci. Shi kamfani narka roba yake yi, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mol, wato ƙarfen da aka fafe da siffar takalmin, kafin ka gama shafa gam a ƙafa ɗaya shi ya zubo da yawa, babu ɗinki babu manni. Za ka ce to mu ma mu sayi mol mana. Nan ne gizo ke saƙar. A ce mol ɗaya miliyan 2 ne, kuma kowane sayiz da nasa, na lamba 40 ba zai yi maka 43 ba. Wanda zai buga ƙafa dubu 200 da shi, naira 10 ya biya a kowace ƙafa. Mu da muke yin 240 a wata, a shekara 2,880 ke nan, in muka ɗora kuɗin mol ɗin a kansu kusan naira 700 ne kowace ƙafa, ba a ma zo maganar injin da za a ɗaura shi a kai da wutar da za ta ja shi ba. Inji ba ya yi wa mutum araha sai in yana da aikin da zai hana shi zama. Ka riƙe wannan da kyau don na ga mutane da yawa sun ci bashi sun sayi babban inji yana nan a lulluɓe da buhu, sau biyu a sati ake kunna shi.

Sai sayen kaya, wanda kai da kanka kake gani in na aike ka Ƙofar Wambai. Mu gam galan ɗaya muke saya, wani lokacin ma a tsiyaya mana a kwalba, shi mai shagon daga dila ya saro, dilan daga wanda ya shigo da kwantena, kowa kuma sai ya ɗora tasa ribar da kuɗin mota. Kamfani ya tsallake duk waɗannan hannayen, shi yake yin oda da kansa, ya saya da tan ko da durum, kuma saboda shi babban kwastoma ne har lamuni ake yi masa ya biya bayan ya sayar. Mu kuwa kuɗi hannu, in babu ka dawo gobe. Ga kuma asara, gam ɗin da muka buɗe in ya kwana biyu ba a rufe da kyau ba ya yi kauri ya bushe, guntayen fatar da ke ƙarƙashin teburin nan duk kuɗi muka sa muka saye su da awo, shara za su tafi. Shi mai roba gutsattsarin da ya rage da wanda ya fito a lalace niƙa su yake ya sake narkawa, kusan babu abin da yake zubarwa.

Maganar fata ma tana da nata ciwon. Kano garin jima ne tun kaka da kakanni, amma fatar akuya da ta tumaki mai kyau da manyan kamfanonin jima suke gyarawa yawanci waje take tafiya, Italiya da Sifen da sauransu, don can ne ake saye da yawa kuma a biya da dala. Fatar shanu kuma ganda ta cinye mai yawa. Sai ka ga baduku yana zaune a garin fata yana neman mai kyau da tsada, wani lokacin ma ya haƙura ya koma leda, wato fatar roba.

Akwai kuma wanda ba a gani sam, lokacin da ke tafiya wajen canza aiki. Ka lura da kanka da safe, ka yanka wannan samfurin, ka tashi ka canza zare a keke, wani ya shigo da gyara ka ajiye ka karɓa, ka dawo ka nemi almakashi, wuta ta ɗauke ka je ka ta da janareta saboda failin ƙafa biyu kacal. A kamfani mutum ɗaya abu ɗaya yake yi tun safe har yamma, hannunsa ya saba har ba ya dubawa. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kunna janareta don ƙafa biyu ya zama hasara zalla, man da zai yi failin biyu da ɗumama inji da jiran ka shi ne kusan zai yi na ashirin in a jere suke.

Amma kada ka ɗauka girma ba shi da nasa nauyin. Wancan miliyan 30 ɗin naira 100 ce kawai in inji yana juyawa kuma kaya suna fita. Ranar da wuta ta gagara, dizal ya yi tsada, ko kayan Chaina suka cika kasuwa ya koma yin dubu 60 a wata, ya dawo 500 kamar mu, ga ma'aikata ga bashin banki. Haka masaƙun Kakuri a Kaduna suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ka zaga Bompai da Sharada ma za ka ga gine-ginen da aka rufe. Kuma wanda ya zuba miliyoyi a mol ba ya iya canza samfuri don yayi ya canza, dole ya yi ta bugawa har kuɗinsa su fito. Mu kuwa kwali da almakashi ne, yau ka ga sabon yayi gobe ka fitar da fatan ɗinsa, wato siffarsa da ake yankawa a kwali.

Shi ya sa ni ba na yarda mu yi irin abin da mol yake yi, in ka shiga tseren araha da inji a kan silifan wanka ka faɗi tun ba a fara ba. Namu shi ne abin da kamfani ba zai tsayar da layinsa ya yi ba. Mutumin da ƙafarsa lamba 47 ce ko mai faɗin ƙafa da ya zaga kasuwa bai samu ba, dattijon da ƙafarsa ke kumbura yana son mai laushi da za a iya sassautawa, ango da abokansa ƙafa goma sha biyu kalar shaddarsu, makarantar da ke son sandal ƙafa ɗari da hamsin kafin a koma hutu, wannan odar ta yi wa kamfani ƙanƙanta mu kuma ta cika mana wata. Ga gyara, na roba in ya tsinke ya ƙare, namu a canza masa sol ya ƙara shekara. Wannan kwastoman na jiya da ka nuna masa ɗinkin ƙasan da cikin fatar ya taɓa da hannunsa, in duk da haka araha yake so ka yi masa kwatancen kasuwa da fara'a, ba namu ba ne.

Sannan abin da kamfani yake samu da girma mu ma muna iya samun wani kaso da haɗa kai. Ka ji labarin Ariaria a Aba, dubban ƙananan shaguna ne a wuri ɗaya, wani sol kawai yake yi, wani ɗinkin sama, wani yana da injin matsi kowa ya kawo ya biya a matse masa, dila kuma ya zo ya tara kaya mota guda. Injin da zai kashe shago ɗaya in shaguna talatin suna kawo masa aiki ba ya zama. Mu nan layin in mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi bandir ɗin sol da katon ɗin gam a wajen dila mun cire hannu ɗaya ko biyu daga farashin, abin da ke ɓata shi dai rashin amana ne, don haka a rubuta komai, wa ya ba da nawa, wa ya ɗauki nawa, a gaban kowa.

Alamar da za ka gane lissafinka ya karkace kuwa ita ce ka sayar da kaya kaf, ka je kasuwa kuɗin ba su isa ka sayo kayan haɗi daidai na baya ba. In ka ga haka to ka manta da haya da mai a farashinka, ko ka manta da ladan hannunka, wanda shi ne yawancinmu ba ma sawa.

Gobe sandal ɗin makarantar nan kada ka haɗa su ɗaya-ɗaya yadda ka saba. Yanka saman ƙafa talatin tukuna, lamba-lamba, ka jera fatan ɗin a jikin fatar kusa da kusa kafin ka sa wuƙa, sannan ɗinki gaba ɗaya, faili kuma sai sun taru za mu ta da janareta sau ɗaya. Ka duba agogo ka rubuta lokacin farawa da na gamawa da litar man da ya tafi, da yamma mu raba da talatin mu gani.