Kanun rubutu: gajeru, tambayoyi ko karin magana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoma ta ƙauyenmu, a wajen Auyo. Na yi rubutu mai shafi shida a kan adana wake a buhun PICS, wato buhun nan mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga, na sa masa kanu biyar: Gabatarwa, Bayani, Matsaloli, Shawarwari, Kammalawa. Na tura wa mutanenmu ta waya, amma har yau kirana suke suna tambayar abin da na riga na rubuta. Ƙanena ya ce in mayar da kanun tambayoyi, wani abokina ya ce in sa karin magana. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ba ko ɗaya, sai dai tambaya a wuri ɗaya da zan nuna maka a gaba. Abin da zan zaɓa maka shi ne kan magana mai ɗauke da hukunci, wato wanda ko shi kaɗai mutum ya karanta, ya san abin da zai yi da wakensa.

Kanun da ka sa irin na makaranta ne, kuma a takardar jarrabawa ba su da laifi, domin malami dole ne ya karanta komai kafin ya ba da maki. Manomin da ya dawo daga fadama, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, ba shi da wannan dolen. Yatsa zai sa ya ja, idonsa na tsayawa a kan abin da aka yi da manyan baƙaƙe kawai. Ba halin mutanenmu kaɗai ba ne. A 1997 wani mai bincike, Jakob Nielsen, ya ba da rahoton wani gwaji a kan masu karatu a kwamfuta, inda kashi 79 cikin ɗari suka riƙa tsallake-tsallake, kashi 16 ne kawai suka bi kalma bayan kalma. To wanda ya tsaya a kan "Bayani" me ya samu? Kamar ka shiga shago ne ka tarar an rubuta "hatsi" a jikin kowane buhu. Sai ka kwance kafin ka san gero ne ko dawa.

Ga yadda za ka gyara. Ka ɗauki rubutun sakin layi bayan sakin layi, a gefen kowanne ka rubuta, cikin jimla ɗaya, abin da za ka faɗa wa mutum da baki in ya tare ka a kasuwa yana sauri. Inda jimloli biyu ko uku suka zo da magana ɗaya, sashe ɗaya ne. Inda sashe ɗaya ya ba ka umarni biyu daban, raba shi. Ban ga rubutunka ba, amma aikin buhun sananne ne, saboda haka ina tsammanin za ka tashi da wani abu kamar haka:

Busar da wake sosai kafin ya shiga buhu
Duba ledojin ciki biyu, kada a samu huda
Matse iska, ka ɗaure kowace leda daban
Ba a zuba magani: rashin iska ke kashe ƙwari
Ɗora buhu a kan katako, nesa da bango da ɓeraye
Kada a riƙa buɗewa sai za a ɗiba

Karanta waɗannan shida a jere ba tare da komai a ƙarƙashinsu ba. Aikin ya fito daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsaya a nan bai san dalilai ba, amma wakensa ba zai lalace ba. Wanda kuma yake son sanin yadda ake gane bushewa, cewa ana cizon ƙwayar a ji ta fashe ƙas ba ta lotsa ba, ya san sashen da zai shiga.

Lura da kalmomin farko: busar, duba, matse, ɗora. Allon waya ƙarami ne, dogon kai yakan karye gida biyu ko uku, ido kuma kalma biyun farko yake kamawa. In ka fara kowanne da "Yadda za a" ko "Muhimmancin", duk za su yi kama da juna daga gefen hagu. Kalma biyar zuwa tara sun isa.

Akwai haɗari ɗaya a irin wannan kan, kuma shi na fi so ka riƙe. Tunda mai sauri zai ɗauke shi a matsayin cikakken umarni, duk sharaɗin da ka cire daga cikinsa ka cire shi daga kan mai karatu. A ce ka rubuta "Buhun PICS yana hana wake lalacewa", sannan ka ɓoye maganar bushewa a layi na bakwai. Wani zai zuba wake mai danshi, ya ɗaure, bayan watanni ya buɗe ya tarar da fumfuna, kuma kai zai zarga. Saboda haka duk abin da rashin saninsa zai jawo asara, ko dai ya shiga cikin kan maganar, ko ya samu nasa kan. Kalmar "kada" da "sai" ba ɓata wuri suke ba.

Shawarar ƙaninka tana da rabin gaskiya. Tambaya tana taimaka wa mutum ya gane damuwarsa, amma amsar tana nan a ɓoye. "Shin ana zuba magani?" ya tilasta karatu, alhali "Ba a zuba magani" ya gama magana. Ka ajiye tambayoyi don sashen ƙarshe, inda za ka tara ainihin abin da ake kiranka a kai, da kalmomin masu kiran, kuma kalmar farko ta amsar ta zama e ko a'a. Karin magana kuwa ka bar ta cikin bayani. "Rigakafi ya fi magani" zai hau kan rubutun allurar shanu, ya hau na gyaran rijiya, mai nema bai san inda zai tsaya ba.

Ƙananan kanu a ƙarƙashin manya, a shafi shida ba lallai ba ne. In sashen ɗauri ya yi tsawo, raba shi biyu, na ledojin ciki da na buhun waje, amma kada ka sa ƙaramin kai guda ɗaya tilo, kuma kada ka wuce hawa biyu.

In a Word ka rubuta, kada ka tsaya ga kaurara baƙaƙe da hannu. Zaɓi Heading 1 ga manya, Heading 2 ga ƙanana, sannan ka shiga View ka kunna Navigation Pane; kanun kaɗai za su jeru a gefe, ka ga inda labarin ya yanke. In ta WhatsApp za ka tura, sa alamar * a farkon kan maganar da ƙarshensa ba tare da tazara ba, ka bar layi fanko a samansa.

Kafin ka sake turawa, kwafi kanun kaɗai a takarda, ka ba wani wanda bai taɓa amfani da buhun ba, ko ka karanta masa in ba ya boko. Ka ce ya faɗa maka abin da zai yi daga sussuka zuwa ajiya. Inda ya yi shiru, ko ya ce "daga nan fa?", akwai kan da ya ɓace ko wanda bai faɗi komai ba. Wannan za ka gyara, sauran ka bar su yadda suke.