Yadda ake rubuta wa jama'ar masallaci ta'aziyyar malaminsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren kwamitin masallacinmu a Garwa. Allah ya yi wa dattijon da ke karantar da mu bayan magariba rasuwa, an kuma yi masa sutura. An ce in rubuta saƙon ta'aziyya da za a karanta wa jama'a ranar Juma'a. Me zan sa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri, ɗan'uwa.

Wannan takarda daban take da wadda ake kai wa iyalin mamaci. Masu sauraronka su ma an yi musu rashi, kuma kowa zai zauna da tambayoyi a ransa: ina za a je gaisuwa, yaya karatu zai kasance, wa zan samu game da abin da ke tsakanina da Malam? Saƙon da ya cika da kirari bai amsa waɗannan ba, ana fita ƙofar masallaci kowa zai ƙirƙiro tasa amsar.

Ka buɗe da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", sai cikakken sunansa da laƙabin da aka san shi da shi. In Modibbo ake ce masa ka rubuta Modibbo, in Goni ne Goni, kada ka ƙara masa wanda bai ɗauka ba yana raye. Wajen ranar rasuwa ka yi hattara. A lissafinmu dare ke gaba da yini, don haka "daren Laraba" daren da zai waye Laraba ne, wato Talata bayan faɗuwar rana. Wanda ya yi boko da Faransanci sau da yawa sai ya fahimci akasin haka, ya fassara da kuskuren kwana guda. Rubuta "Talata da dare, wayewar Laraba", magana ta ƙare.

Yabo kuwa, jimla biyu ko uku na abin da idon jama'a ya gani sun fi shafi guda na "kogin ilimi". Ga misali, ka sauya da gaskiyar naku malamin: "Ya zauna a wannan zaure yana karantar da Ahalari da Ishmawi da Risala, bai taɓa korar ɗalibi don ya maimaita tambaya ba. Da yawanmu a hannunsa muka gyara alwala." Wannan shaida ce, kowa zai gyaɗa kai. Amma kada alƙalami ya ja ka ka ce "ya tafi Aljanna". Wannan hukuncin Allah ne, namu roƙo: "Allah ya sa Aljanna ce makomarsa."

Nassi ɗaya ya isa. Ga malami, hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim ya fi dacewa: idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ka nuna wa liman lafazin kafin Juma'a, domin kuskure a hadisi gaban ɗaliban mamaci abin kunya ne.

Sai batun da aka fi mantawa: bashi da amana. Dattijo irin wannan mutane kan ajiye masa kuɗi, takardar fili, har wasiyya, shi ma yakan ari littattafai. Ka rubuta: "Duk mai bin Malam bashi, ko wanda Malam ke bi, ko mai ajiya a wurinsa, ya samu wane." Mutum ɗaya, wanda magada suka amince da shi, ba wanda kwamiti ya zaɓa ba. In aka ambaci mutum biyu, za a samu mai karɓa sau biyu.

Kada ka naɗa magajin karatu a cikin takardar ta'aziyya, ko da kowa ya san wanda ya cancanta. Ka ce kawai za a sanar da ranar komawa karatu. Haka nan sadakar uku ko bakwai ko arba'in: sahu ɗaya kan haɗa masu yi da waɗanda ba sa yi. In iyali sun shirya, ka sanar da sunan iyali, da wuri da lokaci, ba da sunan masallaci ba.

Tsawonsa kada ya wuce minti biyu, wajen kalma 200, domin a Garwa sai an maimaita shi da Fulatanci, wani lokaci har da Faransanci, mutane kuma na zaune cikin zafi. Ka ba mai fassara kwafinsa tun ranar Alhamis, ka karanta wa babban ɗan mamacin ya ji kafin kowa. Mai karantawa a masallaci kada ya zama ɗalibin da ya fi kusa da Malam, kuka zai sarƙe shi kafin ya kai maganar bashi.