Neman bayanin asusu daga banki a fayil ɗin da za a iya aiki da shi

"Ni ne sabon ma'ajin ƙungiyarmu ta gama-kai. Na gaji da kwafe bayanin asusu daga takarda zuwa kwamfuta. Yaya zan rubuta wa banki su riƙa ba mu wanda za mu iya gyarawa?"

Malam ma'aji, shekara tara na yi a wannan kujera, kuma wasiƙata ta farko a banza ta tafi. Na rubuta cewa a turo mana ta imel, sai ga PDF shafi 38, wanda bai raba ni da kwafe-kwafen ba. Kuskurena kuwa shi ne ban faɗi irin fayil ɗin ba.

Don haka ka kira shi da sunansa, CSV ko Excel. Kada ma kalmar "gyarawa" ta shiga wasiƙar, don tana sa ma'aikacin banki ya ɗaga gira. Ga yadda na rubuta a karo na biyu: "Muna roƙon a riƙa turo mana bayanin asusu na kowane wata a fayil ɗin CSV ko Excel, ƙari a kan mai hatimi, domin daidaita shi da littafin zubin mambobi." Ka sa sunan asusu da lambarsa, da watannin da kake so, da adireshin imel na ƙungiya, ba naka ba. Duk waɗanda banki ya sani da sa hannu a asusun su sa hannu, in ba haka ba wasiƙar za ta dawo. Wasu bankunan kan ba da fom na yarda da aike ta imel, ku cike.

Ka lura na ce "ƙari a kan". Fayil ɗin da kowa zai iya sauya wa lamba ba hujja ba ne a gaban mai binciken kuɗi. Mai hatimin shi ne shaidarka ranar babban taro, kada ka sake shi.

In fayil ɗin ya iso, kada ka danna shi kawai ya buɗe. Excel kan zubar da sifilin farkon lamba, sai 00457 ta koma 457, ka rasa mai zubin. Ya taɓa mayar mini da 03/04, wato 3 ga Afrilu, zuwa 4 ga Maris, na bi wata baiwar Allah bashin da ta riga ta biya. Har yau abin yana damuna. Alamarsa ita ce ka ga wasu ranakun sun jingina dama, wasu hagu, a jeri guda. Ka shigo da shi ta Data, sannan From Text/CSV, ka mai da jerin lambobin shaida Text, ka kuma duba ranakun.

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin asali gefe. Sannan ka haɗa ragowar farkon wata da kuɗin da suka shiga, ka cire waɗanda suka fita. In bai yi daidai da ragowar ƙarshen wata da ke takarda mai hatimi ba, akwai layin da ya ɓace, ka koma banki a sake fitar maka.