Maki nawa rubutuna na IELTS zai samu a Task Response?

Tambaya: Salam malam, daga Zinder nake, na gama lisansi a jami'ar André Salifou ina neman burs, sun ce sai na kawo maki 6.5 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS. Ga rubutun gwaji na Task 2, wato aiki na biyu a ɓangaren rubutu, na turo maka, kalma 270, kan ko karatun jami'a ya zama kyauta ko ɗalibi ya biya, an ce "Discuss both views and give your own opinion". Nawa zan samu a Task Response?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta, a ganina 6 ne, kuma bari in nuna maka yadda na auna don gobe ka iya auna kanka.

Task Response ɗaya ne cikin ma'auni huɗu na Task 2, kowanne kashi 25 cikin ɗari, kuma shi ba ruwansa da kyan Ingilishinka, nahawu da kalmomi suna da nasu makin daban. Abin da yake dubawa shi ne ko ka amsa duka abin da aka tambaye ka, ko matsayinka ya fito fili, da kuma ko hujjojinka sun samu bayani.

Abu na farko da nake yi shi ne in ƙirga ayyukan da ke cikin tambayar. Taka uku ce: ra'ayin masu cewa kyauta, ra'ayin masu cewa a biya, sai naka. Wanda ya tsallake ɗaya cikinsu, to 5 ta kama shi ko da Ingilishinsa kamar na ɗan Landan ne. Kai ka taɓa duka ukun, shi ya sa ka tsira daga 5. Amma dubi rabon, sakin layin kyauta jimla bakwai ka ba shi, na biyan kuɗi jimla biyu kacal, ka ce gwamnati ba ta da kuɗi ka wuce. Wannan ita ce siffar 6, an taɓa ko'ina amma wani ɓangare ya fi wani cika.

Sai matsayi, kuma a nan ne ƴan Nijar da yawa ke zubar da maki, abin yana damuna ƙwarai don ba rashin ƙoƙari ba ne, horon da muka samu a lise ne. An koya mana tez, antitez, sentez, ka ɓoye ra'ayinka sai can ƙarshe ka sasanta ɓangarorin biyu, haka ake cin maki a bak. Kai ma haka ka yi, ka rufe da cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. To mai gyara zai ce kai fa ina ka tsaya? Maki 7 yana son matsayi bayyananne wanda aka gina shi, mafi sauƙi ka faɗe shi tun a gabatarwa ka riƙe shi har ƙarshe. Ba a hana tsayawa tsakiya ba, amma ka faɗi wace tsakiyar, misali lisansi kyauta ga kowa, masta kuma mai hali ya biya.

Yanzu hujja. Ka rubuta cewa ilimi kyauta yana kawo cigaban ƙasa, jimla ta gaba ka tsallaka zancen rashin aikin yi, ta bayanta kuma daidaito tsakanin maza da mata. Ra'ayi uku ke nan ba wanda ka zauna a kansa. Ga gwajin da nake yi, bayan kowace magana in tambaya ta yaya, in ban ga amsar a jimlar da ke biye ba to ba a yi bayani ba. Da ka ɗauki guda ka bi ta: ɗan manomi daga Mirriya ya ci bak, kuɗin rajista da na haya a birni sun fi ƙarfin gidansu, sai ya haƙura, ƙasa ta rasa likita ko malamin lakkol da take buƙata. Kamar jimla huɗu ke nan kan magana ɗaya, irin wannan ke kai mutum 7, kuma ba sai ka ƙago alƙaluma ba, misali daga abin da ka sani ya isa.

Kalmominka 270 sun haura 250 da ake nema, nan ba matsala. Ka sani kuma ma'auni ɗaya ba a ba shi rabi, 6 ne ko 7, rabin yana fitowa ne in an haɗa makunan, kuma Task 2 nauyinsa ninki biyu ne na Task 1. Ka sake rubuta wannan tambayar cikin minti 40, ra'ayinka a gabatarwa, ɓangaren biyan kuɗi ya samu jimla biyar ko shida da misalinsa, sai ka turo in duba.