Kilishin Alhaji da jika sittin da biyar ɗina

"Maigida, Hajiyar nan mai takalman fata ta ce in ɗora mata hotunan kayanta a Facebook da WhatsApp. Rubutun ƙasan hoton fa, da Hausa zan yi shi, ko da Ingilishi, ko in gauraya? Ni dai na ga kamar na Ingilishi ya fi aji."

Aji! Ajiye wayar nan ka jawo benci. Kalmar nan da ka faɗa ita ce ta ci mini jika sittin da biyar, kuma har yau in na bi ta gaban shagon mutumin sai na ji ɗaci a maƙogwarona.

A 2018 ne, shekara guda kafin Najeriya ta rufe iyakarta. Wani Alhaji mai kilishi a Zango, nan cikin Damagaram, ya zo nan da ɗansa, yaron bai daɗe da dawowa daga karatu a Najeriya ba, yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Suna son bash biyu, wato tamfol ɗin talla da ake ratayawa a gaban shago, kowane mita uku a mita ɗaya, da takardun mannawa dubu uku na jikin leda, sannan hoto guda da za su riƙa turawa a waya. Muka yi ciniki a jika tamanin da biyar, ya ba ni ashirin kafin alƙalami. Na tambaye shi me za a rubuta, sai ya ce, "Malam, da Turanci za ka yi." A garin nan in mutum ya ce maka Turanci, tambaye shi wanne, na Faransa ko na Ingila. Na tambaya. Yaron ya yi caraf ya ce Ingilishi, wai shi ne yaren kasuwar duniya. Ya ciro biro ya rubuta a bayan ambulan: `KILISHI FOR SALE`, a ƙasa kuma `Location: Zango`.

Raina bai kwanta ba, don na zauna a lakwal har aji shida, na san abin da kalmar ƙarshen layin farkon nan take nufi a bakin mushe, malaminmu na Faransanci. Amma ga jika ashirin a aljihu, ga watan azumi ya kawo kai, sai na haɗiye. Na zo tsara aikin, kalma uku ba su daidaita a faɗin bash ba, sai na ƙanƙanta ta tsakiya, na buɗa ta ƙarshe da jan launi don ta cika wuri. Wannan ɗaya dai na yarda hannuna ne. A lokacin babu injin da ke fitar da irin waɗannan takardun da kyau a hannuna, Kano na kai. Na bi ta Matamai, Ɗan Barto, Kongolam, Daura, na kwana biyu a can, na biya mai injin da nairar da na canza da kuɗina.

Aka rataya bash ranar Alhamis. Daga tsallaken titi ba ka ganin ƙaramar kalmar, abin da ido ke kamawa `KILISHI SALE`. To, duk wanda ya taɓa shiga lakwal a ƙasar nan ya san cewa a Faransanci wannan kalmar ƙazami take nufi, kuma Faransanci bayan suna yake ajiye siffa, don haka jimlar ta zauna daram kamar da gangan aka yi ta: ƙazamin kilishi. Masu tausayi suka ce ai gishiri ake nufi, an manta ɗigon kan harafin ƙarshe ne. Waɗanda Hausa kaɗai suke karantawa suka ce ashe Alhaji ya sayar wa wani Sale da shagon. Layin ƙasa kuma ya ƙara wa Barno dawaki, don a Faransanci wannan kalmar haya ce. Mutum biyu suka shigo tambayar nawa ne hayar shagon a wata. Kafin Juma'a ɗaliban jami'a sun ɗauki hoton, ya zaga wayoyin garin nan kaf.

Asabar da safe sai ga Alhaji da bash a naɗe a bayan moto. Ya jefar mini a nan, daidai inda ƙafarka take. Wai na zubar masa da mutunci, wai shi bai san an rubuta haka ba. Na ce ɗanka ya rubuta da hannunsa. Ya ce ina takardar? Ambulan kuwa na mayar wa yaron tun ranar farko. Aka kai magana gaban dattawan unguwa, aka ce a yi haƙuri, azumi ake. Haƙurin kuma a kaina ya sauka.

Ka tsaya, ban gama ba. Takardun mannawa dubu ukun nan bai dawo da ko ɗaya ba. Bayan salla wani direba da ke zuwa Kano ya kawo mini leda guda ta kilishinsa da ya saya a can, ga aikina manne a jiki, tas. Yana aika kaya can da su, kuma ba wanda ya yi dariya, don mutumin Kano Ingilishi ya karanta a makaranta, abin da ya gani shi ne kilishi na sayarwa. Rubutu ɗaya, tafiyar yini ba ta cika ba tsakanin garuruwan biyu, a can talla, a nan zagi. Ya ci riba da gumina har takardun suka ƙare.

Shi ya sa in yaro ya zo yana ce mini wane yare ya fi kyau nake jin kamar in make shi. Wa zai karanta, kuma a wace makaranta ya koyi haɗa baƙi? Ita ce tambayar. Ku ƴan yanzu duk abin da kuka gani a wayar ƴan Kano da Abuja sai ku kwafo, kun manta cewa mutumin Damagaram in ya ga baƙin boko da kunnen Faransanci yake jin sa. Na san dokar da aka kafa a Maris na 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Madalla. Amma doka ba ta shiga kan matar da ke Birni ta sauya mata abin da ta koya shekara talatin da suka wuce.

Yanzu Hajiyarka. Je ka tambaye ta mutum goma na ƙarshe da suka saya, daga ina suke. In takwas matan garin nan ne da na Mirya da Magarya, Hausa za ka rubuta, ba shawara. Sai dai Hausa ba ta barin ka ka ɓuya. Ingilishi yana da kalma ɗaya da yake kiran kowa da ita, yaro da tsohuwa, namiji da mace. Hausa kuwa dole ka zaɓa, kuma zaɓin shi ne muryar tallar. In ka rubuta "Zo ki zaɓi naki," ƙawa ce ke magana da ƙawarta, ya yi wa ƴan mata daidai, amma matar babban mutum za ta ji an yi mata tsaye a ka. In ka rubuta "Ku zo ku gani," ka girmama kowa, ka kuma bar ƙofa ga mijin da zai saya wa iyalinsa. Ga Hajiya mai shekaru irin nata, ni abin da zan sa ke nan: "Takalman fata, ɗinkin hannun dukawan Damagaram. Lamba 37 zuwa 42. Ku zo ku gwada, sai wanda ya yi muku." Karanta shi da ƙarfi. Ka ji kamar tana zaune kan tabarma tana magana? To mai saye ma haka zai ji, kuma zai taya, don Hausa a talla gayyatar ciniki ce. In Hajiya ba ta son a taya, ka faɗa a fili cewa kuɗin ke nan.

Kuɗin kuma kada ka kuskura ka rubuta shi da kalmomi. A kasuwar Dole da dala ake lissafi, ɗari biyu a bakin ɗan kasuwa jika ce, Bakano kuma in ya ga ɗari biyu naira zai ɗauka. Rubuta 7.500 F CFA, gardama ta mutu. Wannan `7k` da kuke yi, na sefa ne ko na naira? Ban son ganin sa a aikin da ya fita daga rumfata.

Ingilishi zalla muryar kanti ce mai ƙofar gilashi: kaya na da tsada, ba a tayi, mai shagon ma ba ya nan. Yana da ranarsa. In Hajiya na aika kaya Kano ko Kaduna ga masu sarar da suke sayar wa matan ofis, yi musu nasu rubutun daban, ka tura musu su kaɗai. Kuma ka nemi wanda ya iya da gaske ya duba, ba abokinka da ya koya a finafinai ba, don karyayyen Ingilishi ya fi rashin sa muni: wanda ka yi dominsa shi zai fara gano ka. Kafin ya fita, kowace kalma ka tambayi kanka ko tana da wata ma'ana a Faransanci. Ka ga biyu sun ishe ni.

Gaurayawa kuwa, ban hana ba, tunda haka kuke magana. Amma gishiri ce a miya. Ginin jimlar ya zama na Hausa, baƙuwar kalma ɗaya ta shigo, wadda mutane suka riga suka saba faɗa. "Sabbin kaya sun iso, akwai promo har Juma'a" ya zauna, don promo kowa ya san ta, ɗan lakwal da ɗan Najeriya duka. Amma rabin jimla nan, rabi can, a ɗora Faransanci a wutsiya, wannan muryar ɗan sakandare ce, kuma Hajiya ta aurar da ƴa. Ranar da aka kawo maka sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure, kada ka bari ko kalma ɗaya ta Nasara ta leƙo. Na taɓa ganin hoton wani dattijo mai carbi an rubuta `RIP` a ƙasa, na rasa inda zan sa kaina.

Zancen ƙ da ɗ da ɓ ba sai na faɗa maka ba, in har yanzu ba ka san bambancin kafa da ƙafa ba a tallar takalmi, ka koma sayar da ruwa. Haka layin farko, a nan za ka sa muhimmin zance, ka san waya na yanke sauran.

Abin da ka rubuta, buga shi a takarda, ka karanta mata da bakinka, ta sa hannu, takardar kuma ta kwana a akwatina. Bash ɗin Alhaji ɗaya na nan, shi ne wanda muke rufe janareto da shi in hadari ya taso. Tashi ka ɗaga shi ka ga jan rubutun, sannan ka wanke burushin nan kafin fenti ya bushe a jiki.