Shayin yamma da barcin dare: amsoshin wasiƙunku

*Salamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci. Kusan wata uku ke nan ina kwanciya sha ɗaya na dare amma sai ɗaya ta gota ina juye-juye. Da takwas na safe ina shan shayi mai Lifton biyu, da azahar Kok ɗaya, wajen ƙarfe shida kuma mai shayi ya haɗa min Lifton da Neskafe don in ƙarasa ɗinki. Wane maganin barci ne mai kyau da zan saya a kemis?*
*Tela, Tudun Wada*

Wa alaikumus salam. Mutumin Kasuwar Barci ya rasa barci, wannan ma abin a ba da labari ne. Maida kuɗinka aljihu tukuna, ɗan'uwa, mu yi lissafi.

Abin da ke wartsakar da kai a shayi da kofi da Kok da goro sinadari ɗaya ne, sunansa kafeyin. Tun daga safiya ƙwaƙwalwa take tara wani abu da ake kira adenosin, kuma yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi da dare. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da adenosin ɗin ke zama, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya, alhali gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba. Yana kai ƙololuwar ƙarfinsa a jini cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, daga nan hanta ta fara aikin kawar da shi. Hanta kuwa ba ta yin gaggawa. Ga baligi mai lafiya, takan ɗauki kamar awa 5 kafin ta rage rabin abin da ke jiki, sannan wata awa 5 ta rage rabin abin da ya saura, haka nan rabi-rabi. Wani jikin yakan yi a awa 3, wani sai 7 ko fiye, amma mu ɗauki 5 ɗin.

Jakar Lifton ɗaya da ta jiƙa sosai tana ba da wajen miligiram 45, biyunka na safe 90 ke nan. Daga takwas zuwa sha ɗaya na dare awa 15 ne, an raba sau uku: 45, 22, sai kamar 11. Wannan bai dame ni ba. Robar Kok ta rabin lita tana da kusan 50, ka sha ƙarfe ɗaya, an raba sau biyu, saura 12. To ga mai laifin: Lifton ɗaya da cokalin Neskafe, mu ce 100 a taƙaice, kuma ka san hannun masu shayinmu ba ya rowar cokali idan sun ga ɗan gari. Ka sha ƙarfe shida, sau ɗaya kacal aka raba kafin ka kwanta, saura 50. Tara su, 73. Wato kana hawa gado kamar wanda ya shanye kofi ɗaya da rabi na kakkauran shayi a bakin ƙofar ɗaki. Ƙarfe huɗu na dare, gab da kiran sallar farko, har yanzu akwai fiye da 30 yana yawo a jininka.

Ka lura da abin da lissafin ya nuna: kusan kashi biyu cikin uku na matsalar daga kofi ɗaya ya fito, na yamma. Ba sai ka rabu da shayin safe ba. Ka sa azahar ta zama iyaka, domin mai kwanciya sha ɗaya ya kamata ya bar aƙalla awa 8 tsakanin kofinsa na ƙarshe da matashi. Kada kuma ka yanke lokaci guda. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam, ciwon kai da kasala kan kama shi bayan rabin yini zuwa yini ɗaya, su yi tsanani a kwana na biyu, wani lokaci su kai mako. Kwana huɗu na farko ka ce a cire Neskafe a bar Lifton, kwana huɗu na gaba a tsoma jakar a cire da wuri, daga nan ka koma ruwan citta da kanumfari da na'ana'a, wanda babu ganyen shayi a ciki. Zaman teburin mai shayi da hirar bai hana ba, biredi da ƙwai ma suna nan.

Sai batun kemis, kuma a nan zan ɗan tsawaita, don wasiƙarka ba ita ce ta farko ba. Abin yana ba ni takaici. Mutum ya biya kuɗi da yamma ya sayi abin da zai kore masa barci, ya sake biyan kuɗi da dare ya sayi abin da zai jawo barcin, gari ya waye kansa ya yi dum saboda ƙwayar, ya sake biyan kuɗi ya sayi shayi mai kauri don ya farfaɗo. Sau uku ana cin aljihunsa a kan matsala ɗaya da shi ya ƙirƙiro ta, a wannan zamani da kuɗin Keke Napep daga Tudun Wada zuwa Kawo ma sai an yi tunani. Ƙwayoyin irin su Baliyam ba alewa ba ne. Doka ma ta ce sai da takardar likita, suna daɗewa a jiki fiye da kafeyin nesa ba kusa ba, kuma cikin 'yan makonni jiki yake sabawa har ya ƙi barci sai da su. Kai da kake aiki da allura da almakashi da keken lantarki, ka tashi da magagin ƙwaya a ka? Wanda kuma zai miƙo maka irin wannan magani a ƙulle a leda, babu kwali babu lambar NAFDAC babu tambaya, to shi ne kuma wanda ba zai damu ba in jabu ne ko ya lalace. Haka nake faɗa game da garin nan da wasu ke barbaɗawa a shayi wai na ƙarin kuzari: abin da ba a rubuta sunansa ba, kada ya shiga cikinka. Ka gwada abin da na ce na mako biyu. In barci bai daidaita ba, ko uwargida ta ce kana minshari mai yankewar numfashi, ko kuma tunani ne ke cin ka, to asibiti za ka, ba kemis ba.

*Malam, abokina ya ce in aka zuba madara da yawa, ko aka bi da ruwa roba biyu, ƙarfin Neskafe yana mutuwa. Gaskiya ne?*
*Ɗalibi, Unguwar Rimi*

Abokinka ya koma aji. Madara tana kashe ɗaci ne a harshe, kafeyin ɗin yana nan yadda aka zuba shi. Ruwa kuma fitsari zai ƙara maka, ka tashi sau uku cikin dare, don hanta ce ke sarrafa kusan dukkansa, abin da ke fita ta fitsari kai tsaye kaɗan ne ƙwarai. Kuma kafin ka rubuto ka ce kai ko ka sha kana kwanciya kake yin barci: a wani gwaji da aka buga a 2013 a Amurka, an ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin kwanciya, na'ura ta nuna barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya, su kuwa ba su ma ankara da hakan sosai ba. Lemon ƙara kuzari da kuke sha lokacin jarrabawa, ƙaramin gwangwani yakan kai 80, babbar roba fiye da haka. Karanta jikin robar.

*Ina da ciki wata bakwai, na fari. Da can ina shan shayi bayan la'asar ba ya hana ni komai, yanzu kuwa sai in kwana ido biyu, gabana yana faɗuwa. Ina tsoron ko na cutar da abin da ke cikina.*
*Amarya, Rigasa*

Kwantar da hankalinki, 'yata, kofi ɗaya na shayi a rana bai kai inda kike tsoro ba. Iyakar da masana suka ba masu juna biyu ita ce miligiram 200 a yini, ke kuwa ko rabi ba ki kai ba. Jikinki ne ya sauya. A watannin ƙarshe na ciki hanta tana rage saurin aikinta a kan kafeyin sosai, awa 5 ɗin nan takan koma 10 har zuwa 15. Saboda haka shayin da kika sha ƙarfe huɗu na yamma fiye da rabinsa yana nan lokacin kwanciya, har ma wani ya kwana ya tarar da na gobe. Ki mayar da shi safiya, mara kauri, ki bar Kok da goro da yamma. Ki duba maganin ciwon kai ma, domin Fanadol Ekstira kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 65, kuma mai ciki ba ta shan magani sai ta tambaya. Faɗuwar gaban nan ki faɗa wa ma'aikaciyar awo a zuwanki na gaba, a duba jininki da hawansa, don ƙarancin jini ma yana kawo haka. In ta zo da jiri, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, kada ki jira ranar awo. Bayan haihuwa da 'yan makonni jikinki zai koma yadda yake, sai dai ki riƙa sassautawa lokacin shayarwa, domin jariri sabon haihuwa yakan yi kwanaki kafin ya rage rabin ɗan abin da ya samu a nono. Allah Ya sauke ki lafiya.

Masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su ma su ji: tana kusan ninka tsawon zaman kafeyin a jiki. Haka maganin nan Sifro da ake yawan bayarwa in an ce taifot ne, shi ma yana rage saurin fitarsa.

*Baba ya bar sigari wata biyu da suka wuce, alhamdu lillahi, amma tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Goronsa dai yana nan kamar kullum, har bayan isha'i.*
*Ɗansa, Kawo*

Allah Ya ƙara wa Baba ƙarfin hali, kada kowa ya ce masa ya koma. Hayaƙin taba yana sa hanta ta kawar da kafeyin da sauri, kusan ninki biyu. Da ya daina, hantar ta dawo tafiyarta ta asali, sai goron da ya saba ci ya zama kamar ya ninka shi. Goro kuwa ba wasa ba ne, babban ƙwaya ɗaya kan iya kamo kofin kofi ko ya wuce. Kada ka je ka ce wa dattijo ya bar goro, ba zai ji ba, kuma ba ladabi ba ne. Ka riƙa sayo masa ƙanana, ka roƙe shi ya raba biyu, ya ci rabonsa tsakanin hantsi da azahar, na bayan isha'i kuma a maye masa da dabino.