Kwalin da ke lanƙwashewa da ƙyallen da ke ɓamɓarewa

"Maigida, an ba ni yara ƙanana a Islamiyyarmu mu yi adon ratayawa na walimar sauka. Mun manna ƙyalle a kan kwali, da gari ya waye duk ya lanƙwashe, ƙyallen yana ɓamɓarewa. Ina matsalar take?"

Fuska ɗaya kuka shafa wa sitaci, ba sai na gani ba. Ɓangaren da ya jiƙe yana takurewa in zai bushe, sai ya ja ɗayan. A lulluɓe gaba da baya a zama ɗaya, a jera su a inuwa su sha iska, sannan a ɗora katako da bulo a kai su kwana. Ku yaran yanzu kun fi so ku shanya a tsakar rana domin ku yi saurin ɗaukar hoto da waya, alhali rana ce ke ƙara murɗe shi.

Gaggawar nan ita ta tuna mini da wani shugaban kwamitin makaranta a wani ƙauye ta wajen Gumel, wanda har gobe ban yafe masa ba. Ya zo shagona ya ce yana son a ƙawata filin sauka tun daga bakin masallaci har rumfar manyan baƙi, kuma 'ya'yan makarantar su yi da hannunsu iyaye su gani. Ya ba da ɗan kafin alƙalami, sauran wai bayan taro. Na bi masu kanti na tara kwalayen taliya da na sabulu, na kwashe ragowar atamfar da nake tarawa tun ɗinkin ƙaramar salla, zare da takarda mai launi kuwa da kuɗina na saya. Kullum bayan la'asar ina zaune da yaran nan a gindin darbejiya, wannan ya zubar da sitaci, wancan yana kuka an ɗauke masa tauraronsa, na daure.

Ana damina. Rukunin ƙarshe bai bushe ba ya turo mai amalanke a kwashe. Na ce a bar su a wurina, ranar taro da asuba ni zan rataya. Ya ce wai kada su ɓata a hannuna! Ya sa aka cusa su a buhu, aka jefa a ɗakin ajiya, a ƙasa, kusa da buhunan gero. Sitaci abinci ne, ɓera da kyankyaso suka yi ta ci, gara ta biyo ta ƙasa ta shiga kwalin, laima ta sa sauran suka yi fumfuna. Da aka buɗe sai ya tara dattawa ya ce na yi masa aikin banza da shara. Ko kwabo bai ƙara mini ba, amma waɗanda suka tsira ya rataye su a rumfar baƙi, ana yabawa yana cewa dabararsa ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da suka zo da iyayensu suna neman nasu a sama ba su gani ba. Allah ya isa.

To, batun ɓamɓarewa. Sitacinka ko bai dahu ba ko ya kwana. Cokali biyu na sitacin rogo, ka dama da ɗan ruwan sanyi, ka sheƙa tafasasshen ruwa kamar kofi ɗaya kana juyawa har farin ya washe. Kaurin kokon safe ake so. Wanda ya kwana ya yi tsami, zubar da shi. Ƙyalle kuma na auduga za ka zaɓa. Leshi da yadi mai santsi ba sa shan sitaci, waɗannan a yaga su a ƙulla a jikin igiya tsakanin kwali da kwali. Zoben takarda na sarƙa, faɗin yatsa biyu tsawon taƙi guda, ƙaro ya fi riƙe shi. Jiƙa ƙaron tun dare. Yaran allo sun san shi a tawada.

Yadda ake yanka wata da tauraro ba zan tsaya koya maka ba. Sai dai ka duba ramukan cikin kwalin su tsaya a tsaye, in sun kwanta zai karye a tsakiya. Huda da basilla, ka bar faɗin yatsa daga baki, ka ƙulle kowanne a wurinsa don kada iska ta tara su gefe guda.

Reza da basilla kada su bar aljihunka. Ƙananan yaran, shafawa da ƙulli ne nasu, kuma sai sun lasa, saboda haka kada wani ya ruɗe ka ka zuba maganin ƙwari a sitaci. In sun bushe, rataye su a rufin ɗaki nesa da bango. Kwamitin naku kuma su biya kuɗin kaya kafin ka dama ko cokali ɗaya.